Yadda ake lissafa zafin da tausila ke haɗiya idan an jibga mata kaya

Shekaruna da yawa ina aikin wayarin a Makka, kuma a cikin kiran gaggawa da 'yan'uwanmu Hausawa na wajen Shara Mansur da Misfala suke yi mini, wanda ya fi maimaituwa shi ne na tausila, wato doguwar wayar nan mai bakuna huɗu ko biyar da mutanen gida Najeriya ke kira eksitenshin. Ɗaki yana da soket ɗaya, kayan wuta kuma sun kai shida, sai a jona duka a kanta. Kowa ya san tana ɗumi. Abin da ba a sani ba shi ne ɗumin nan yana da lissafi, kuma wanda ya iya haɗawa da rabawa a wayar hannunsa zai iya yin sa cikin minti goma.

Zan bi da kai ta wani aiki da na yi a ɗakin wata dattijuwa da ke sayar da abinci lokacin Umara. Ta kira ni ne saboda wari. Da na shiga ta ce, "Ɗana, roba nake ji tana ƙauri, na duba tukunya ba ita ba ce." Na ce, "Hajiya, a kashe komai tukuna, sannan a ɗaga kafet ɗin nan." A ƙarƙashinsa wayar take, ta yi laushi kamar taliyar da ta fara dahuwa, har zanen kafet ɗin ya fito a jikinta.

Kayan aiki

Takarda da biro, da kalkuleta ta wayar hannu. Tef ɗin awo, don sanin tsawon wayar. Idan babu tef, tayil ɗin ɗaki ma ya isa, muddin ka san faɗin guda ɗaya. Sai tocila, domin rubutun da ke jikin waya ƙanana ne kuma sau da yawa an matsa su ne a cikin robar ba tare da launi ba.

Da waɗannan kaɗai za ka gama lissafin. Idan kana da maltimita, wato mitar auna wuta ta hannu mai sanduna biyu, za ka iya tabbatar da amsarka da awo. Idan kuma kana da ƙaramar mitar nan da ake cusawa a soket ta nuna wat da amfiya, to aikinka ya yi sauƙi ƙwarai, ita na fi so wa mai koyo saboda ba sai ya taɓa komai ba.

Abu uku za ka riƙe kafin mu fara. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Om kuma shi ne ma'aunin turjiyar waya, wato yadda take hana wuta wucewa salin alin. Babu wayar da ba ta da turjiya, kuma duk inda wuta ta kutsa ta cikin turjiya, zafi take bari a wurin.

1. Rubuta wat ɗin duk abin da ke kan tausilar

Cire filogin daga bango. Ka juya kowane kaya ka nemi ɗan allonsa, yawanci a ƙasa ko a baya, inda aka rubuta lamba da harafin W, wato wat, ma'aunin wutar da kayan ke ci. A ɗakin Hajiya ga abin da na samu: butar lantarki 2000, dutsen guga 1200, tukunyar dafa shinkafa 700, fanka 60, cajojin waya guda uku da suka haɗu suka ba da kamar 40. Jimla wat 4000.

Kuskuren da masu koyo ke yi a nan shi ne ƙirga bakuna. Mutum ya ga baki biyar ya ɗauka an ba shi izinin kaya biyar. Waya ba ta san yawan filogi ba, wat ta sani. Cajoji goma ba su kai kashi ɗaya cikin goma na buta guda ba. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, buta, guga, hita, risho na lantarki, tanda, shi ne mai cin wuta, kuma shi za ka fara nema.

Ka tambayi masu ɗakin abin da ke aiki a lokaci guda, kada ka yi zato. Hajiya ta ce da asuba shinkafa na kan wuta, jikarta na guga, ita kuma tana tafasa ruwan shayi buta bayan buta. Ke nan duka wat dubu huɗun suna bi ta waya ɗaya na kusan awa guda.

Idan allon ya goge, ka ɗauki buta a 2000 zuwa 2200, guga a 1200 zuwa 2000, ka zaɓi ta saman. Idan kayan mai injin ne, kamar firji ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada ka yi amfani da wat, ka nemi lambar da ke da harafin A, domin injin yana jan amfiya fiye da abin da wat ɗinsa ke nunawa, kuma lokacin tashi yana fizgar ninkin hakan sau da yawa.

2. Mayar da wat zuwa amfiya

Wutar gida a Saudiyya yanzu bolt 230 ce. Ka raba jimlar wat, wato `P`, da bolt, wato `V`, ka sami amfiya, wato `I`:

```
I = P / V
I = 4000 / 230 = 17.4 A
```

Amfiya 17.4 ke nan. Riƙe wannan lambar, ita ce uwar lissafin.

Akwai abin lura ga mazauna tsofaffin gine-gine. Kafin a yanke shawarar komawa 230 a shekarar 2010, gidaje da dama a nan suna da wuta iri biyu, 127 da 220, kuma har yau ana cin karo da soket na 127 a tsofaffin gidajen Makka da Jidda. Idan a irinsa kake, da 127 za ka raba. Hita mai wat 1500 da aka yi don 230 tana jan amfiya 6.5, amma wadda aka yi don 127 mai wat ɗaya da ita tana jan 11.8. Za ka ga a gaba cewa wannan bambancin yana ninka zafin waya fiye da sau uku. Idan kana shakkar soket ɗinka, maltimita za ta faɗa maka.

3. Gano kaurin jan ƙarfen da ke cikin wayar

Bi jikin wayar da tocila. Za ka ga rubutu irin `3G0.75` ko `3x1.5mm²`. Lambar 3 ta farko yawan jijiyoyi ne, wato ƙananan wayoyin da ke ciki, lamba ta biyu kuma ita ce kaurin jan ƙarfen kowace jijiya a milimita murabba'i. Ita muke nema. Wasu wayoyin suna zuwa da ma'aunin Amurka: `18AWG` kamar 0.8 ne, `16AWG` kamar 1.3, `14AWG` kamar 2.1. A wannan ma'aunin, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, kada ya ruɗe ka.

Ta Hajiya 0.75 ce. Wayar roba mai laushi ta 0.75 an yi ta ne don amfiya 6. Ta 1.0 tana ɗaukar 10, ta 1.25 tana ɗaukar 13, ta 1.5 kuma wajen 16. Tun a nan ka ga an ɗora mata kusan ninki uku na ƙarfinta.

Kada kaurin roba ya yaudare ka. Na sha yanka waya mai kauri kamar yatsa in tarar da jan ƙarfen ciki bai fi gashin doki 'yan sili ba. Idan babu rubutu, ko ba ka yarda da shi ba, cire ta daga bango, ka kwance filogin idan mai sukurori ne, ka ƙirga silin jijiya ɗaya. A yadda aka saba, 0.75 tana da sili 24 sirara, 1.0 tana da 32 irinsu, 1.5 tana da 30 masu ɗan kauri, 2.5 kuma tana da 50. Idan filogin narkakke ne da ba ya buɗuwa kuma babu rubutu ko kaɗan, ka ɗauka 0.75 ce ko ƙasa da haka, domin mai waya ta gari ba ya ɓoye kaurinta.

Yayin da silin ke hannunka, kankare guda da wuƙa. Idan ciki ja ne kamar waje, kwafa ce ta gaskiya, wato jan ƙarfe zalla. Idan fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa kwafa. Wata hanyar ita ce ka kara wa sili ɗaya wutar laita: kwafa za ta yi ja ta tsaya, alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take. Turjiyar irin wannan waya ta fi ta kwafa da kamar sau 1.6, don haka duk amsar da ka samu a mataki na gaba sai ka ninka ta da wannan.

4. Auna tsawo, ka ninka shi biyu, ka fitar da turjiya

Ta Hajiya mita 10 ce daga filogi zuwa bakuna. Amma wuta tana tafiya ta jijiya ɗaya ta dawo ta ɗaya, saboda haka mita 20 take bi. Wannan shi ne wurin da kusan duk yaron da na koya wa aiki ya fara faɗuwa: sai ya yi lissafi da 10, amsarsa ta fito rabi, ya ce ai babu matsala. Jijiya ta uku, mai launin kore da rawaya, ta ƙasa ce, ba ta ɗaukar wuta sai an sami matsala, don haka ba ta cikin lissafi.

Kwafa mai tsawon mita ɗaya da kaurin milimita murabba'i ɗaya tana da turjiyar om 0.0175 a yanayi mai sanyi, wajen digiri 20. Tsawo yana ƙara turjiya, kauri yana rage ta, kamar dai tiyon ruwa: dogo kuma siriri ya fi wahalar da ruwa.

```
R = 0.0175 × (2 × L) / A
R = 0.0175 × 20 / 0.75 = 0.467 Ω
```

`R` turjiya ce a om, `L` tsawo ne a mita, `A` kauri ne. Amsar ba ta kai rabin om ba. Mutum zai raina ta, kuma raina ta ne ke jawo gobara.

5. Fitar da zafin

Ka ninka amfiya da kanta, sannan ka ninka da turjiya:

```
P = I × I × R
P = 17.4 × 17.4 × 0.467 = 141 W
```

Wat 141 na zama zafi a cikin wayar kanta, ba su isa buta ba, ba su isa guga ba. Idan ka taɓa kai hannu kusa da tsohon ƙwan fitila mai wat 100 da ya daɗe a kunne, ka san abin da ake nufi. To fiye da wannan ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin kafet, wat 14 a kowace mita.

Yanzu ka tsaya a nan da kyau, domin wannan ne abin da nake so ka fita da shi. Mu sake lissafin muna ƙara kaya ɗaya bayan ɗaya a kan waya ɗin nan dai.

Fanka da cajoji kaɗai wat 100 ne, amfiya 0.43, zafin waya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba. Ko shekara za ta yi a haka ba za ka ji ɗumi ba. Aka kunna tukunyar shinkafa, kaya sun zama wat 800, amfiya 3.5, zafi ya kusa wat 6. Har yanzu lafiya lau. Aka jona guga, wat 2000, amfiya 8.7, zafi ya tashi zuwa wat 35. An riga an wuce ƙa'idar wayar, amma ɗumi kawai za ka ji, shi ya sa mutane ke sakankancewa. Sai aka danna buta. Kaya sun ninka sau biyu kacal, daga 2000 zuwa 4000, zafi kuwa ya tashi daga 35 zuwa 141, ninki huɗu.

Dalili shi ne amfiyar da ake ninkawa da kanta. Ninki biyu na wuta yana ba da ninki huɗu na zafi, ninki uku yana ba da tara. Butar nan da a ce ita kaɗai ce a kan wayar, wat 35 za ta jawo. Da ta zo a kan sauran kaya, wat 106 ta ƙara. Buta ɗaya ce, amma ɓarnarta ta dogara da abin da ta tarar. Shi ya sa mai ɗaki yake rantsuwa cewa wata shida yana amfani da tausilarsa ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma gaskiya yake faɗa. Ranar da kaya biyu masu zafi suka haɗu da na uku ce ba ta zo ba tukuna.

Wannan lambar ma ta waya mai sanyi ce. Kwafa tana ƙara turjiya da kamar kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Idan ta kai digiri 70, turjiyar ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, 141 ta koma wajen 169. Zafi yana haifar da ƙarin zafi ke nan. Da kuma wayar ta zama ta alminiyam mai rigar kwafa, da tun farko daga wat 226 za a fara.

Wani zai tambayi asarar kuɗi. Wat 141 na awa guda kilowat-awa 0.14 ne. A farashin gidaje na halala 18 a kowane kilowat-awa da ake biya tun 2018, halala ɗari kuwa ke yin riyal ɗaya, bai kai halala uku ba. Ba za ka taɓa ganin sa a takardar kuɗin wuta ba, kuma ni ban taɓa zuwa gidan kowa saboda wannan asarar ba. Abin da ke kai ni shi ne inda zafin ya taru.

6. Duba inda wayar take kwance

Lissafi ya gaya maka yawan zafin da ake haifarwa. Yadda wayar za ta yi zafi kuwa ya danganta da ko zafin yana samun hanyar fita. Robar da ake rufe waɗannan wayoyi da ita ba a so ta wuce digiri 60 zuwa 70. Bayan haka tana laushi, jijiyoyi su matso kusa da juna musamman inda ƙafar gado ko takun mutane ke danne ta, kuma ko ba ta narke a ranar ba, tana bushewa ta fara tsagewa.

Ƙa'idojin amfiya da na ambata an yi su ne don waya a miƙe, a sarari, cikin iska mai kamar digiri 30. A Makka da rani zafin waje yana haura 45, kuma ɗakin da ke saman bene ko kicin da babu mukayyif ba ya nesa da hakan. Tsakanin 30 da 70 akwai sararin digiri 40, tsakanin 45 da 70 kuwa 25 ne kawai ya rage. Ni dai a irin wannan ɗaki ba na bari waya ta ɗauki fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta mata.

Kafet, katifa, tulin kaya, buhun shinkafa, duk bargo ne ga waya. Naɗewa kuma ta fi su muni. Mutum ya sayi mita 10 alhali mita 3 yake buƙata, sai ya naɗe sauran ya ɗaure da leda ya tura bayan kabad. A lissafinmu mita 7 ɗin nan suna fitar da kusan wat 100, kuma yanzu an dunƙule su wuri guda kamar gammo, kowane zagaye yana gasa na kusa da shi. Wasu abokan aiki suna cewa maganaɗisu ne ke jawo zafin naɗaɗɗiyar waya. Ba haka ba ne, domin jijiyar tafiya da ta dawowa suna soke maganaɗisun juna. Zafin nan dai ne da muka lissafa, ya rasa mafita. Idan tausilarka mai gangar naɗewa ce, duba jikinta, za ka ga lambobi biyu: ɗaya na lokacin da take naɗe, ɗaya na lokacin da aka warware ta duka, kuma na farkon bai kan kai rabin na biyun ba.

7. Tabbatar da awo, idan kana da mita

Kada ka yi ƙoƙarin auna turjiyar waya kai tsaye da maltimita mai araha. Wayoyin mitar kansu suna da om 0.2 ko 0.3, kusan daidai da abin da kake nema. Hanya mafi inganci ita ce auna faɗuwar bolt.

Miƙe wayar a sarari. Jona kaya guda mai nauyi, buta cike da ruwa ta isa, kuma kada gwajin ya wuce minti ɗaya ko biyu. Tana aiki, auna bolt a bango, a bakin da ke kusa da wanda tausilar ke ciki, sannan ka auna a wani baki na tausilar da babu komai, da mita guda ɗin. Hannu a bushe, takalmi a ƙafa, yatsu a bayan shingen robar sandunan mitar. Soket ɗin nan masu ƙafa uku suna da murfin kariya a ciki, kada ka tura ƙusa ko sukudireba don buɗe shi. Idan sandunan ba su shiga ba, yi amfani da mitar da ake cusawa a soket, ka karanta a bango sannan ka karanta a ƙarshe.

A ɗakin Hajiya na samu 229.5 a bango, 224.5 a ƙarshe, buta na jan amfiya 8.5. Bolt 5 sun ɓace a hanya.

```
R = 5 / 8.5 = 0.59 Ω
P = 5 × 8.5 = 42.5 W
```

Lissafi ya ce 0.47, awo ya ce 0.59. Idan bambanci irin wannan ya fito, ɗaya cikin biyu ne: ko jan ƙarfen bai kai abin da aka rubuta ba, ko akwai mahaɗar da ta saki.

Idan mitar da ake maƙalawa a waya kake da ita, kada ka maƙala ta a kan igiyar gaba ɗaya. Sifiri za ta nuna, saboda wutar tafiya da ta dawowa sun soke juna. Sai a jijiya ɗaya take karantawa, kuma ban yarda mai koyo ya fere tausila don wannan ba.

8. Nemi mahaɗar da ta saki

Na buɗe filogin Hajiya na tarar sukurun jijiya mai wuta ya yi sako-sako, robar da ke kewaye da ƙafar ta koma ruwan ƙasa. A nan da kuma makunnin tausilar ne ƙarin om 0.12 ɗin yake. A amfiya 17.4, wannan 'yar turjiyar tana fitar da kamar wat 36, kuma ba a baje suke a mita goma ba, a wuri suke da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙarfen da muke narkar da dalma da shi wat 30 zuwa 40 ne. Mafi yawan tausilolin da na gani sun ƙone, daga filogi ko daga baki suka fara, ba daga tsakiyar waya ba.

Ba ka buƙatar mita don gano wannan. Bayan kaya sun yi minti goma suna aiki, kashe, cire filogin, ka taɓa robarsa da bayan hannu, sannan ka bi wayar. Idan ɗumin ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, nauyi ne ya yi wa wayar yawa. Idan wuri guda ya fi ko'ina zafi, mahaɗa ce. Sauran alamun su ne filogin da ke rawa a cikin baki, ƙarar tsartsatsi idan an motsa shi, baƙi a bakin rami, da warin nan mai kama da na kifi da roba ke yi idan ta fara gasuwa. Filogi mai ƙafa biyu zagayayyu da aka tilasta cikin ramin ƙafa uku, irin wanda alhazai ke zuwa da shi daga gida, kullum sako-sako yake zama. A canza masa kai. Haka ma jona tausila a kan tausila: tsawo ya ƙaru, mahaɗai sun ƙaru, ta farkon kuma tana ɗauke da nauyin kowa.

Hajiya ta tambaye ni, "To ɗana, me ya hana wutar ta ɗauke da kanta?" Tambaya ce mai kyau. Birekar da ke akwatin gida tana kare wayar cikin bango ne, kuma tata ta amfiya 20 ce, don haka 17.4 ba laifi ba ne a wurinta. Fis ɗin cikin filogi kuma na 13 ne, amma fis ba ya tsinkewa da zarar an wuce lambarsa. Ƙa'idar da ake ƙera shi a kai ta yarda ya ɗauki ninki 1.6, wato kusan amfiya 21, na rabin awa bai tsinke ba. Ke nan wayar amfiya 6 tana dahuwa, masu gadinta biyu ba su ga komai ba. Waya ta 0.75 fis na 5 ne ya dace da ita. Filogin da babu fis a ciki, ko wanda aka naɗa wa waya a madadin fis, a jefar da shi.

9. Zaɓi gyara da lissafi

Kafin ka sayi komai, gwada kowace shawara a takarda. Da mun bar kaya yadda suke mun sa waya ta 1.5 mai mita 10, turjiya za ta koma 0.233, zafi ya sauka zuwa wat 71. Ya ragu da rabi, amma amfiya 17.4 ta wuce ƙarfin wayar, ta kuma wuce 13 da filogi da soket za su iya ɗauka. Ko da an sa ta 2.5, wadda zafinta wat 42 ne, filogin ne zai ci gaba da gasuwa. Iyakar duk wata tausila mai filogin ƙafa uku ita ce amfiya 13, wato kusan wat 3000 a bolt 230, komai kaurin wayarta.

Don haka rage amfiya shi ne gyaran farko, tunda ita ake ninkawa da kanta. Na mayar da buta kicin, inda akwai soket nata a bango. Sauran kaya wat 2000 ne, amfiya 8.7. Na kawo sabuwar tausila ta kwafa 1.5 mai mita 5, domin da muka auna mita 5 ɗin ne ake buƙata. Turjiyarta 0.117, zafinta wajen wat 9. Daga 141 zuwa 9. Na bi da ita ta gefen bango a sarari, ba ta ƙarƙashin kafet ba.

Idan babu wani soket kwata-kwata, kamar yadda yake a ɗakunan haya da yawa, sai a yi layi: mai zafi ɗaya a lokaci guda. Shinkafa ta sauka, a yi guga, a cire guga, a dafa ruwa. Na kan liƙa farin tef a kan filogan masu cin wuta in ce wa mutanen gida kada farare biyu su haɗu a jiki. Yara ma suna gane wannan. Idan waya mai kauri ba ta samu ba, mafi gajarta da ke hannu ita ce ta fi, a miƙe. Mukayyif kuwa, ko na taga ne, ba ya hawa tausila ko wace iri, domin awanni yake yi yana jan wuta ba hutawa, layinsa daban ake ja masa daga akwati.

Tsohuwar wayar da ta riga ta yi laushi ba ta gyaruwa, ko da ta huce ta koma kamar lafiyayya, kuma naɗa mata baƙin tef ba ya mayar da robar da ta gasu a ciki. Na yanke ta Hajiya gida uku kafin in jefar, saboda kada wani ya tsince ta a shara ya kai ɗakinsa. Idan kuma ka riga ka ga hayaƙi, kada ka kama filogin kuma kada ka watsa ruwa. Je ka akwati ka sauke babbar bireka, ka fitar da mutane, ka kira 'yan kwana-kwana a 998.